Kafin a ce laifin algoridim ne: kurakuran da aka fi yi

A rumfar mai caji, a teburin mai shayi, har a majalisar dattawa bayan la'asar, kalmar algoridim ta shigo bakin mutane. Bidiyon rawa ya faɗo wa magidanci a waya, sai ya ce algoridim ne. Labarin ƙarya ya zagaye ƙauye, sai a ce algoridim ne ya kawo shi. Wani lokaci maganar daidai ce, amma sau da yawa wurin da ake nunawa da yatsa ba nan matsalar take ba, shi ya sa ake ta gyara abin yana dawowa.

Kuskuren farko yana cikin ma'anar kalmar. Mutane da yawa suna ɗaukar algoridim kamar wani mutum ne zaune a ƙasar waje yana zaɓo wa kowa abin da zai ɓata masa tarbiyya. Asalin kalmar daga sunan malamin lissafi ne, Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Da aka juya rubutunsa zuwa Latin sai sunan ya koma Algoritmi. Abin da kalmar ke nufi shi ne jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya a kai ga amsa. Manomi ma yana bin irinsa ranar fitar da zakka. A auna amfanin gona. Idan bai kai nisabi ba, babu zakka. Idan ya kai, sai a duba da wane ruwa aka yi noman: na damina a fitar da ɗaya cikin goma, na rani da aka sha wahalar ban ruwa da inji a fitar da ɗaya cikin ashirin. Buhu arba'in na geron damina zai ba da huɗu, arba'in na shinkafar rani zai ba da biyu. Ko wa ya bi matakan nan da adadi iri ɗaya, amsa ɗaya zai samu.

Wanda ke cikin TikTok, Facebook da YouTube ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma yana sauyawa gwargwadon abin da yake gani, amma shi ma lissafi ne. Mutane ne suka tsara shi, kuma sun tsara shi ne domin ka daɗe kana kallo, tunda daga talla kamfanonin ke samun kuɗi. Saboda haka wanda ya ce kamfani na da nasa alhakin bai yi ƙarya ba. Sai dai abin da ake zuba wa lissafin, mafi yawansa daga yatsan mai riƙe da wayar yake fitowa.

Kuskure na biyu shi ne rashin duba ta wace ƙofa abu ya shigo. Saƙon da ya zo cikin zauren WhatsApp na 'yan ƙauye ba algoridim ne ya zaɓo shi ba. Mutum ne ya tura, ga lambarsa ko sunansa a saman saƙon, kuma saƙonnin suna jeruwa ne bisa lokacin da suka iso. Idan ka ga an rubuta Forwarded many times, ma'anarsa saƙon ya bi ta hannu da yawa kafin ya kai gare ka. Maganin wannan magana ce da wanda ya tura ko da shugaban zauren. Idan kuma hotunan zauren ne ke cika ma'ajiyar hotunan waya har yara su gani, a shiga Settings na WhatsApp, sai Storage and data, a cire alamar da ke ƙarƙashin Media auto-download. Wannan yana rage cin data ma.

Haka abin yake da sanarwar da ke faɗowa a saman allo da hoton mace ko alkawarin cin kuɗi. Yawanci wani shafi ne ya nemi izini a cikin burauza aka danna Allow ba a karanta ba. A Chrome ana cire shi ta Settings, sai Site settings, sai Notifications, a toshe duk shafin da ba a sani ba. Sannan akwai abin da aka tura cikin memori a shagon masu tura fina-finai a ranar kasuwa. Wannan hannu ne ya zuba shi, hannu ne kuma zai goge shi.

Inda algoridim yake aiki da gaske shi ne shafin For You na TikTok, da shafin farko na Facebook da YouTube, wato inda abubuwa ke zuwa ba tare da ka nema ba. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma mutanen kirki ne suka fi yin sa.

A ɗauki magidanci manomin shinkafa a yankin Haɗejia. Ya buɗe TikTok domin ya ji karatun malamai da farashin kaya. Yana cikin ja da yatsa sai ga bidiyon rawa na daƙiƙa talatin. Ransa ya ɓaci, ya tsaya ya kalla har ƙarshe yana salati. Bai ankara ba bidiyon ya sake farawa da kansa. Ya shiga wurin sharhi ya rubuta "Allah ya shirye ki", ya tsaya ya karanta abin da wasu suka ce, duk wannan lokacin bidiyon yana ci gaba da juyawa a baya. Daga nan ya tura wa ƙaninsa, ya ce, "Malam, dubi abin da yaran yanzu ke yi." Karatun malamin da ya biyo baya mai tsawon minti uku kuwa, ya saurari kaɗan aka kira shi ya wuce.

Yanzu a dubi abin da aka rubuta a asusunsa. An kalli bidiyon rawa har ƙarshe, an maimaita, an yi sharhi, an tura wa wani. An bar karatu tun bai yi nisa ba. Kamfanin TikTok da kansa ya bayyana a 2020 cewa kallon bidiyo daga farko har ƙarshe yana cikin alamomi masu nauyi da yake amfani da su. Lissafin bai ga ɓacin ran da ke fuskar mutumin ba, bai ji salatinsa ba. Abin da ya gani shi ne wannan asusun ya daɗe a kan rawa. Washegari sai ya kawo masa wasu irinsa, shi kuma ya sake tsayawa ya yi nasiha, abin ya ƙara yawa. Sharhin nasa ma ya taimaka wa bidiyon ya kai ga wasu mutanen.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Da abin da ba ka so ya bayyana, ka ja ka wuce nan take, kada ka yi sharhi, kada ka tura. Idan kana son lissafin ya ji ka sosai, ka ɗora yatsa a kan bidiyon ka riƙe, sai ka danna Not interested. Idan abin ya kai ga batsa ko zamba, a wurin akwai Report. A YouTube ana danna ɗigo uku na gefen bidiyo a zaɓi Not interested ko Don't recommend channel. A Facebook ɗigo ukun suna ba da Hide post, da Unfollow ga wanda ba ka son ganin abin da yake sakawa amma ba ka son yanke zumunci, domin ba a sanar da shi. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne ka nuna abin da kake so: ka nemi noman shinkafa ko sunan malamin da kake saurare a wurin bincike, ka bi shafukan, ka kalli wasu har ƙarshe. Wanda ya yi ta korar abin da ba ya so bai kawo madadinsa ba, za a riƙa cike masa gurbin da abin da ya fi tashe a ƙasar.

Akwai abin da ake mantawa a ƙauye, inda waya ɗaya ke yi wa gida guda aiki. Algoridim bai san fuska ba, asusu ya sani. Maigida ya kalli wa'azi da safe, uwargida ta kalli girki da ɗinki da rana, samari suka karɓa da dare suka kalli ƙwallo da waƙa, duk a kan asusu ɗaya ake tarawa. Wanda ya fi daɗewa da wayar shi ke rinjaye, kuma galibi mai dare ne. Haka nan wayar da aka saya ta hannu ba a fitar da asusun mai ita na da ba, ɗabi'arsa ce za ta ci gaba da fitowa. Gane wannan abu ne mai sauƙi: a YouTube a buɗe History, a TikTok a nemi Watch history cikin saiti, za a ga abin da aka kalla. Amma a nan muna roƙon iyaye su yi hattara. Bayyanar bidiyo a For You kaɗai ba hujja ba ce cewa yaro ya nema, domin manhajar takan jefo sabon abu don gwaji, musamman ga sabon asusu da ba ta san komai a kansa ba sai ƙasa da harshen waya. An sha dukan yaro ko zargin mace a kan abin da ba su kira ba. A duba tarihin bincike tukuna, a tambaya cikin natsuwa. Idan hali ya yi, kowa ya buɗe asusunsa, ko a sa wa manhajar makulli kafin a kai waya caji.

Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne sayen sabon layi ko kai waya a yi mata filashin domin a kori algoridim. Tarihin kallo ba a cikin layi yake ba, yana ajiye wurin kamfanin ƙarƙashin asusunka. Ka goge waya tas, ka sake shiga da asusun da, komai zai dawo yadda yake. Abin da ke aiki kyauta ne. A TikTok a shiga Settings and privacy, sai Content preferences, sai Refresh your For You feed, shafin zai koma kamar na sabon shiga ba tare da an rasa mabiya ba. A YouTube a goge tarihin kallo ta Clear watch history. Sunayen nan kan ɗan sauya wuri idan an sabunta manhaja, kuma ƙananan manhajoji irin su Facebook Lite ba kullum suke da su duka ba. Bayan an yi wannan, kwanakin farko su ne masu nauyi, domin shafin ba shi da wani tarihi sai wanda ake rubutawa a lokacin. A kwanakin nan mai wayar ya riƙe ta da kansa, ya wuce abin da ba ya so da sauri, ya tsaya a kan wanda yake so ya ƙara gani.