Yadda ake mai da yabon kwastoma talla da mutane za su yarda da ita, ga masu sana'ar share gidaje

Mai neman wanda zai share masa gida ba tsafta kaɗai yake tunani ba. Baƙi zai bari su shiga har uwar ɗaka, inda sarƙar matarsa take. Saboda haka "aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa" ba ta sayar da komai, domin kowa zai iya rubuta wa kansa ita.

Da farko, ka nemi ra'ayin kwastoma a ranar da aka gama aikin ko washegari, kafin ƙurar hunturu ta sake kwantawa a tagogi. Kada ka ce "ya aiki?", amsarta "Alhamdulillah" ce. Ka ce: "Hajiya, wane wuri ne ya fi damun ki kafin mu zo, kuma ya kika same shi?" Ka bar ta ta turo saƙon murya ta WhatsApp, mutanenmu sun fi sakin baki a magana.

Sai tacewa, kuma a nan aikin yake. A ce bayan kun gyara gidan da aka yi taron suna, ta turo saƙon murya mai tsawon minti biyu. Rabi gaisuwa ne da addu'a. A tsakiya ta ce maiƙon da ya daskare a tayil ɗin bayan murhun gas ya fita, ta manta 'yan kunnenta a bakin madubi ta dawo ta tarar an sa mata su a kofi, sai dai kun makara da rabin awa amma kun kira. Wannan tsakiyar kaɗai za ka ɗauka. Ka rage, amma kada ka ƙara ko kalma ɗaya, kada kuma ka gyara mata Hausa ta koma ta mai karanta labarai. Maganar makarar ma ka bar ta. Ita za ta nuna mutum ne ya yi magana, kuma mai karatu zai ga kuna kira idan kun makara.

Kafin ka wallafa, ka tura mata abin da ka tsara, ta amince a rubuce. Suna, murya da lambar waya bayanan mutum ne da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafa. Mata da yawa ba sa son muryarsu ta yi yawo, kuma wani gidan sai maigida ya yarda. Idan ta ƙi suna, "wata kwastoma a Tarauni, gida mai ɗaki uku" ya wadatar. A sikirinshot ka rufe lamba da hotonta.

Hoton kafin aiki da na bayan aiki, ka ɗauke su daga wuri ɗaya da haske iri ɗaya, na tayil ɗin da ta ambata. Ka duba kada hoton iyali ko ƙofar gida su fito. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ka ajiye kwafi a shafinka na Facebook ko Instagram, tare da watan da aka yi aikin.