Yadda Ake Tattaunawa da Masu Sana'a Kafin Mutum Ya Tsunduma Cikinta

Wanda yake tunanin sauya aiki ko shiga wata sabuwar sana'a, yawanci abin da ya sani game da ita daga nesa ya hango shi. Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan hange ita ce ya zauna da waɗanda suke yin aikin, ya tambaye su yadda yake, ba tare da ya nemi su ɗauke shi aiki ba. Zan bi matakan da misalin wata malamar lissafi a makarantar sakandare, wadda take son ta koma aikin odita, wato binciken asusun kamfanoni.

Matakin farko shi ne ta rubuta abin da take zato game da aikin, tun kafin ta tuntuɓi kowa. Malamar ta rubuta abu uku: cewa aikin lissafi ne tsantsa, cewa iliminta zai sa ta fara daga tsakiya ba daga ƙasa ba, kuma cewa ana tashi daga ofis da yamma kamar kowane aiki. A ƙarƙashinsu ta ƙara abin da idan ta ji shi za ta haƙura, wato idan aikin yana buƙatar yawan kwana a wani gari, domin tana da ƙananan yara. Amfanin wannan rubutu shi ne, mutumin da ya riga ya ƙwallafa rai a kan abu, duk abin da aka faɗa masa sai ya juya shi ya dace da son ransa, amma takardar da ya rubuta da hannunsa ba ta sauya magana.

Daga nan sai zaɓen waɗanda za a tambaya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mutane sukan nemi babban mai muƙami, alhali wanda ya shekara ashirin a aikin ya manta wahalar shekarar farko, kuma ƙofar da ya shigo ta cikinta wataƙila an daɗe da rufe ta. Ya fi kyau a nemi mutum shida masu bambancin matsayi: biyu da ba su wuce shekara uku da farawa ba, biyu da suka kai tsakiya, ɗaya daga cikin masu ɗaukar ma'aikata, sannan aƙalla ɗaya wanda ya yi aikin ya bari. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuyar samu, kuma a ganina shi ne mafi amfani, domin waɗanda suka rage a sana'a su ne waɗanda ta karɓa, saboda haka labarinsu rabin gaskiya ne. Wajen nema kuma kada a tsaya ga aminai. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, saboda aminai abin da ka sani shi suka sani. Tsohon ɗan aji ko abokin aikin wani ɗan'uwa sun isa a fara da su.

Saƙon neman ganawa ya zama gajere, ya faɗi wanda ya haɗa ku, abin da ake so, da tsawon lokacin. Malamar ta rubuta wa wani odita cewa: "Barka da aiki, Malam. Tsohuwar abokiyar karatunku ce ta ba ni lambarku. Ni malamar lissafi ce, ina tunanin komawa aikin odita, kuma ina son in ji yadda aikin yake daga bakin mai yin sa. Ba aiki nake nema ba. Idan za ku iya ba ni minti ashirin ta waya a lokacin da ya dace da ku, zan yi godiya." Idan mako guda ya wuce babu amsa, a sake tuntuɓa sau ɗaya, daga nan a ƙyale shi.

Yadda ake tambaya shi ne ginshiƙin abin. Idan aka ce wa mutum "Kana jin daɗin aikinka?" ko "Kana ganin zan iya?", zai ba da amsar kara, domin babu mai son ya kushe sana'arsa ko ya karya wa baƙo gwiwa. A maimakon ra'ayi, a tambayi abin da ya faru. Malamar ta ce wa wata matashiyar odita ta ba ta labarin ranar aikinta ta jiya, tun daga shiga ofis har tashi. Matashiyar ta yi ɗan shiru, sannan ta ce ta yini ne tana gwada rasitai da abin da aka shigar a littafin kuɗi, ta yi sa'a biyu tana jiran akantan kamfanin ya kawo wasu takardu, ta kuma rubuta bayanin abin da ta duba domin shugabanta ya sa hannu. Lissafin da ta yi a ranar bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Da wannan amsa guda zato na farko ya rushe, ba tare da kowa ya furta cewa aikin ba lissafi ba ne.

Sauran tambayoyin ma haka ake gina su. Wane wata ne ya fi wahala a shekarar da ta wuce, kuma ƙarfe nawa ake tashi a cikinsa? Mutum na ƙarshe da ya bar ofishin, me ya sa ya tafi? Wanda aka ɗauka kwanan nan, da wace takardar shaida ya zo? Game da albashi, ba a tambayar mutum nasa, sai dai a tambayi abin da mai farawa yakan samu. Idan minti ashirin ta cika, a faɗa, a bar wa mai amsa zaɓin ci gaba, sannan a rufe da neman sunan wani da ya kamata a ji ta bakinsa. Kada a miƙa takardar neman aiki, ko da hirar ta yi daɗi, domin wanda ya ga an yaudare shi ba zai haɗa ka da kowa ba. Washegari a aika da saƙon godiya.

Bayan kowace ganawa, a rubuta abin da aka ji a ranar, a kuma raba abin da ya shafi sana'ar da abin da ya shafi ofishin mutumin kaɗai. Mugun shugaba matsalar wuri ce, amma abin da mutum uku daga wurare daban-daban suka ambata, na sana'ar ne. Alamar cewa an yi isassun hirarraki ita ce a fara sanin amsa kafin a ba da ita. Alamar cewa an yi su ba daidai ba kuwa ita ce a fito da yabo kawai, babu ko zato ɗaya da ya girgiza.

Malamar ta yi magana da mutum shida cikin wata guda. Dukkansu sun ambaci watannin da suke biyo bayan rufe shekarar kuɗi, lokacin da ake kai dare a ofis, kuma huɗu sun ce masu farawa ne aka fi turawa ƙirgen kaya a ɗakunan ajiya na kamfanoni a wasu garuruwa. Mai ɗaukar ma'aikata ya gaya mata ƙarara cewa daga ƙasa za ta fara, tana aiki tana rubuta jarrabawar ƙwararrun akantoci. Wanda ya bar aikin shi ne ya faɗa mata cewa ya koma odita na cikin gida, mai binciken kamfanin da yake yi wa aiki kaɗai, inda a wurinsa tafiya ta ragu ƙwarai. Hira ba ta nuna wa mutum ko zai jure yini guda yana duba rasitai, saboda haka malamar ba ta ajiye koyarwa ba. Ta nemi izinin zama kwana biyu kusa da wani odita na cikin gida a lokacin hutun makaranta, ta kuma sake rubuta sabbin zatuka uku a kan wannan ɓangaren.