Darasi na 7: Tafi da kiɗan da ba sa danne waƙar yabo

A wani taron suna a Aboabo, cikin Kumasi, na ga an kafa rumfa a bakin titi, an kawo sifika biyu, ga mai kalangu, ga mai ganga, ga mata fiye da 20 suna tafi. Zabiya ta miƙe tana yabon kakar jariri. Mu da muke zaune a baya mun ga bakinta yana motsi, amma ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Ita kanta tsohuwar sai da aka taɓa ta aka ce, "Hajiya, ke fa ake yi wa," sannan ta kwance bakin zani ta yi liƙi. Abin ya dame ni, domin zabiyar ta san asalin gidan, ta san kakanni da garin da suka baro, kuma duk wannan ya tafi a iska.

A wannan darasi za mu ɗauki layi ɗaya na waƙa, mu ga inda ya kamata tafi ya faɗa, da inda kalangu zai yi magana. Ga layin:

Uwar baƙi, inuwar Zango.

Ku fara faɗinsa da baki kawai, kuna buga ƙafa a ƙasa sau 4 daidai wa daida. Za ku ji bugu na 1 ya faɗa a kan "war" na "uwar", na 2 a kan "ƙi", na 3 a kan "war" na "inuwar", na 4 a kan "go". Bayan "go" akwai ɗan fili, nan ne mai waƙa take jan numfashi. Ku maimaita har ƙafa ta saba. Kada kowa ya taɓa ganga tukuna.

Yanzu ku yi tafi a kan duk bugu huɗun, da tafin hannu a shimfiɗe, irin mai ƙara "tas". Ku saurari kalmar "baƙi". Tafi na 2 yana sauka daidai lokacin da harafin ƙ yake fita, kuma ƙarar tafi takan rufe harafin da ya zo tare da ita. Wanda yake nesa zai iya jin "uwar baki". Kun ga an tashi yabon mace mai karɓar baƙi, an koma kamar ana ce mata mai surutu. Hausa ba ta ƙyale irin wannan, domin ƙaramin abu yana sauya ma'ana: ƙ da k daban ne, haka kuma idan aka gajarta "ba" ɗin saboda sauri, baƙi masu zuwa gida sun zama launin baƙi.

Gyaran mai sauƙi ne. Ku rage tafin, ku bar shi a kan bugu na 1 da na 3 kawai, wato a kan "war" guda biyun. Harafin w mai taushi ne, kuma kowa zai gane "uwar" ko da tafi ya ɗan taɓa ta. "Baƙi" da "Zango" sun fita sarai, su ne kuwa naman layin. Sannan ku sauya hannu: ku ɗan lanƙwasa tafin hannuwa kamar za ku ɗebi ruwa, ku haɗa su. Ƙarar za ta fito da kauri, "bum", ba ta yanka kunne, ba ta kuma cin haruffa kamar ta shimfiɗaɗɗen hannu. Idan masu tafi sun yi yawa, mutum 5 ko 6 su riƙe tafi lokacin da zabiya take jan baiti, sauran su shigo a wurin amshi. Amshi kowa ya riga ya haddace shi, ƙara ba ta cutar da shi.

Sai kalangu, wanda shi ne ya fi buƙatar kulawa. Asantawa suna da irinsa, suna ce masa donno, Dagombawa kuma suna da lunga. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, murya ta hau, ya saki, ta sauka. Da haka yake kwaikwayon hawa da saukar maganar mutum, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. To idan yana faɗin nasa kirarin a daidai lokacin da zabiya take faɗin nata, baki biyu ke nan a lokaci guda, kunne kuwa ɗaya zai bi. Galibi kalangun yake bi, don ya fi kaifi.

Saboda haka ku raba musu lokaci. Zabiya ta ɗauki bugu 4 ta faɗi layinta. A wannan lokaci mai kalangu ya riƙe murya ɗaya ta ƙasa, bai matse ba, yana taɓawa a hankali tare da tafi a kan 1 da 3. Da ta kai "go", sai a bar wasu bugu 4 babu waƙa. Wannan filin nasa ne: ya matse, ya saki, ya maimaita "inuwar Zango" da kalangu yadda jama'a za su gane. Amma ya sauka kafin bugu na 1 ya dawo, domin "u" na "uwar" yana shigowa ɗan gabanin bugun. Makaɗin da ya cika filinsa har baki yakan haɗiye wannan "u", layi ya fara a gutsure. Ni a wurina gwanin kalangu shi ne wanda ake jin kalmar farko ta zabiya bayan ya gama.

Ganga ba ta da wannan rigimar sosai, tunda muryarta tana ƙasa. Sai dai mai igiya a kan fata, irin wadda ake kira brekete a nan Gana, tana da zuza da ke daɗewa bayan bugu. A cikin tsakar gida mai bangon siminti da rufin kwano, zuzar tana dawowa ta cika fili. Mai ita ya ɗora hannun hagu a kan fata bayan kowane bugu ya kashe ta. Idan kuma za a ambaci sunan wanda ake yabo ko na iyayensa, duk kiɗa ya kwanta, a bar tafi mai kauri kaɗai.

Wani lokaci laifin ba na makaɗi ba ne, na wurin tsayuwa ne. Idan yana bayan zabiya, makirufonta yana ɗaukar kalangu tare da muryarta, ko an ƙara mata ƙarfi shi ma ya ƙaru. Ya koma gefe, taku 3 ko 4.

Ku lura da sauri ma. Da an fara liƙi masu tafi sukan ɗauki zafi, bugu ya ƙaru ba a sani ba. Alamarsa ita ce zabiya ta fara yanke ƙarshen kalma, "Zango" ya koma "Zan", jijiyar wuyanta ta tashi. Mai ganga ne zai ja kowa baya, da bugu mai nauyi a kan 1. Idan an gama yabo an shiga rawa, a sake wa makaɗa mara, lokacinsu ne.

Aikin aji: Ku kasu gida 3, masu waƙa, masu tafi, da mutum ɗaya mai kiɗa, ko da ƙwarya ce a kife. Masu waƙa su tsara sabon layi a asirce. Ku tura mutum ɗaya da bai ji layin ba ya tsaya taku 20 daga wurin, ya juya muku baya. Ku rera sau 2 da tafi da kiɗa, sannan ya rubuta abin da ya ji a littafinsa. Ku ja layi a ƙarƙashin kowace kalma da ya rasa ko ya sauya, ku duba wane bugu ne ya faɗa a kanta, ku ɗauke shi, ku sake rerawa.