Babi na Shida: Yadda Ƙasa Ke Tafiya da Yadda Take Girgiza

Darasi na 1: Ɓawon duniya

A karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda ya tsaya a kan wata kalma ya ɗaga hannu, babu kunya a nan.

Ƙasar da muke takawa, da gonakinmu, da gindin teku, duk suna zaune ne a kan dutse mai tauri da ya lulluɓe duniya. Shi ne ɓawon duniya. A ƙarƙashin tudu irin namu kaurinsa ya kai kamar kilomita 35, wato bai kai rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna ba. A ƙarƙashin teku ya fi haka siranta.

Wannan ɓawo, haɗe da dutsen da ke manne a ƙarƙashinsa, a tsage yake zuwa manyan yankuna. Kowane yanki ana kiransa faranti. Akwai farantin Afirka, wanda Zariya take a kai. Akwai farantin Larabawa, wanda Makka da Madina suke a kai. Akwai na Indiya, da wasunsu.

A ƙarƙashin farantan akwai dutse mai tsananin zafi. A lura, dutse ne, ba ruwa ba ne, amma zafi ya sa yana motsawa sannu a hankali. Farantan kuma suna tafiya a kansa, da ikon Allah, kowanne da inda ya nufa.

Ku ɗauki rula. Ku sa yatsa a kan 0, ku sa wani a kan 5. Wannan santimita 5 ke nan. Yawancin farantai tafiyarsu a shekara guda ba ta wuce santimita 1 zuwa 10 ba. A shekara fa, ba a rana ba. Alhazanmu da ke tsallaka Bahar Maliya suna bi ta saman inda farantin Larabawa ke rabuwa da na Afirka, tekun yana ƙara faɗi kamar santimita 1 kowace shekara.

Darasi na 2: Me ke kawo girgizar ƙasa?

Nan ne ake yawan faɗuwa, saboda haka nan za mu daɗe. Idan na tambaya, sai a ce mini, "Malam, faranti ne ya motsa sai ƙasa ta girgiza." Wannan amsa ba ta cika ba. Faranti kullum a tafiye yake, har yanzu da muke zaune. Da tafiyarsa ce kaɗai ke kawo girgiza, da ba mu taɓa shan kunu ba tare da ya zube ba.

Mu gwada da hannu. A samo bulo guda, da igiyar roba irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. A ɗaura robar a jikin bulon, a ajiye shi a kan daɓen siminti mai kaushi. Mutum ɗaya ya kama bakin robar ya riƙa ja a hankali, kada ya fizga, kada ya tsaya. Sauran ku matsa gefe, roba tana iya tsinkewa.

Ku duba da kyau. Hannun mai ja yana tafiya, bulo yana nan bai gusa ba. Robar tana miƙewa, tana ƙara siranta. Can sai bulon ya zabura gaba lokaci guda, ya ja ƙasa ƙiii, ya sake tsayawa. Hannun shi ne faranti, ba ya daina tafiya. Inda bulo ya kama daɓe shi ne bakin faranti, inda ya haɗu da maƙwabcinsa suka cije. Robar ita ce dutsen da ke lanƙwashewa yana tara ƙarfi. Zaburar bulon ita ce girgizar ƙasa.

Mu faɗa tare: faranti yana tafiya, bakinsa ya maƙale, ƙarfi ya taru, bakin ya kuɓuce. A sake. Yana tafiya, ya maƙale, ƙarfi ya taru, ya kuɓuce. Hajiya, ke ma ki faɗa da ƙarfi, jiya kin kawo matakai uku daidai, saura na huɗun kawai.

Layin da duwatsu biyu suke gogar juna sunansa tsaga. Yanzu ga misali na gaske. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, kafin asuba, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Ƙarfinta ya kai 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A wannan wuri farantin Larabawa yana turowa arewa, farantin da Turkiyya take a kai yana zamewa yamma. Gefen biyu suna wuce juna da kamar santimita 1 a shekara, amma tsagar ta cije.

Ku ɗauki fensir. Santimita 1 a shekara, idan tsaga ta cije shekara 100, tafiyar da aka tara nawa ce? Santimita 100, wato mita 1. Idan shekara 300 ce fa? Mita 3. To a ranar nan, a wurare da yawa gefe ɗaya na tsagar ya zarce ɗayan da mita 3 ko fiye, cikin ɗan lokaci kaɗan. An ga titin mota ya yanke, rabi nan rabi can, an ga layin dogo ya karkace. Tafiyar ɗaruruwan shekaru ce aka biya lokaci guda.

Tambaya: a shekarun da ba a ji girgiza ba, farantin ya tsaya ne? A'a. Bai tsaya ba. Bakinsa ne ya maƙale. Shirun tsaga ba alamar lafiya ba ce, robar ce ke miƙewa.

Duk da haka na san idan na karɓi littattafanku zan tarar da wanda ya rubuta "faranti ya motsa" ya ajiye fensir. Haba jama'a! Wanda ke hira a baya lokacin da ake jan bulo, kada ya zo ya ce darasi ya yi wuya. Matakai huɗu ne. A rubuta su a gida, gobe zan duba ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na 3: Manyan duwatsu

Idan farantai biyu masu ɗauke da tudu suka yi karo gaba da gaba, ɓawon yana tattarewa ya yi kauri ya tashi sama. Farantin Indiya ya daki na Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har yau yana turawa. Haka duwatsun Himalaya suka samu. Mafi tsawonsu, Everest, mita 8,849 ne. A can kusa da ƙololuwarsa akwai dutse mai ɗauke da burbushin halittun teku, shaidar cewa gindin teku ne aka ɗaga. Matakan nan huɗu a can ma suna aiki, shi ya sa ƙasar Nepal take shan girgiza.

Darasi na 4: Mu nan Zariya

Muna tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa babbar girgiza ba ta saba da mu ba. Ƙananan motsi kan faru, kamar wanda aka ji a Kwoi cikin 2016, da Mpape ta Abuja cikin 2018.

Dutsen Kufena ba irin Himalaya ba ne. Narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, ruwa da iska suka zaizaye abin da ya rufe shi.

Aikin gida: tsaga tana tara santimita 2 a shekara, ta cije shekara 150. Mita nawa za ta zabura?