Darasi na bakwai: Cire danƙon mai daga na'urar zuƙe hayaƙi, murhu da tayil

Idan ana suya da man gyaɗa, wani sashe na man yana tashi tare da tururi ya sauka a kan bango, da murhu, da ragar na'urar zuƙe hayaƙi da ke bisa murhun. A ranar farko mai ne kawai, tsumma da sabulu sun isa su ɗauke shi. Amma idan ya yi watanni zafi da iska suna aiki a kansa, sai ya daskare ya zama danƙo mai kama hannu kamar ƙaro, kuma a nan Damagaram ƙurar hunturu tana manne masa har ya koma ruwan ƙasa. Ruwan sanyi ba ya narkar da wannan danƙo, ruwan tsami ma haka. Abin da ke karya shi shi ne ruwan zafi, da sabulu, da abu mai kaifi irin na kanwa, sannan a ba su lokaci su jiƙa shi.

A ɗauki misalin uwargidan da ke toya ƙosai kowace safiya, wadda ragar na'urarta ta yi wata 6 ba a wanke ba. Kafin komai za ta kashe wutar na'urar, ta rufe tukunyar gas, ta bari murhu ya huce, ta shimfiɗa tsohon kwali a kansa, domin daga sama ake fara aiki a gangaro ƙasa.

Za ta ciro ragar ta kwantar a faffaɗar roba, ta zuba ruwan zafi lita 5, da sabulun ruwa na wanke kwanuka cokali 2, da bikarbonat cokali 4. Bayan minti 20 ruwan zai koma rawaya, mai yana yawo a samansa. Sai ta goge da buroshi mai laushi, ta ɗauraye, ta ɗaga ragar wajen haske: idan haske na ratsa ƙofofin, ta wanku, idan har yanzu akwai toshi, ta sake jiƙawa da sabon ruwa. A nan ne ya kamata a yi hattara ƙwarai, domin galibin waɗannan raga na alminiyom ne. Kanwa mai yawa tana dusashe alminiyom ta baƙanta shi, ita kuwa sodar da ake dafa sabulu da ita cinye shi take yi, tana kuma ƙona fata, saboda haka kada sodar ta kusanci ragar ko kaɗan. Idan a bayan ragar akwai baƙin mataci na gawayi, yawanci ba a wanke shi, sauyawa ake yi.

Yayin da raga ke jiƙe, sai a shafe jikin na'urar da tsumma da aka matse sosai, don kada ruwa ya shiga wajen injin ko ƙwan fitila. Inda danƙon ya ƙi fita, a ɗiga sabon mai kaɗan a tsumma a murza wurin, domin sabon mai yana sassauta tsohon, sannan a bi da ruwan sabulu nan take.

Ga tayil, a kwaɓa bikarbonat cokali 3 da ruwa cokali 1, a shafa a wurin da ya fi danƙo, a bar shi minti 10, a goge da soso mai ɗumi. Wanda ba shi da bikarbonat yana iya jiƙa dunƙulen kanwa a ruwan zafi, amma ya tace tukuna, saboda yashin da ke cikinta yana kankare ƙyallin tayil. Tsagin da ke tsakanin tayil kuwa tsohon buroshin haƙori ya fi dacewa da shi. Kada a haɗa ruwan zabel da ruwan tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, kuma zabel ɗin ma ba ya cire mai.

Murhu ne na ƙarshe. A jiƙa ƙarafan ɗora tukunya da hulunan wuta a ruwan sabulu mai zafi, a buɗe ƙofofin da suka toshe da tsinke, a goge saman murhun da soso mai laushi, ba sosan ƙarfe ba. A shanya komai ya bushe sarai kafin a mayar. Idan aka kunna aka ga wuta shuɗiya zagaye da hular, aiki ya yi. Idan ta fito rawaya ko ta tsinke a gefe ɗaya, to akwai sauran ruwa ko toshi, ko hular ba ta zauna daidai ba, sai a kashe, a bari ta huce, a sake dubawa. Gidan da ake suya kullum ya wanke ragarsa sau ɗaya a wata, domin ragar da ta cika da mai tana iya kamawa da wuta idan harshen wuta ya tashi daga kasko.