Kurakuran da aka fi yi wajen bayyana yadda aka ɗebi samfurin ƙasa a kan layi

Jimlar da na fi gani a rahotannin ɗalibai ita ce: "An ɗebi samfurin ƙasa a kan layi daga jigawa zuwa fadama." Shi ke nan. Wanda ya karanta wannan ba zai iya komawa gonar ya tsaya inda ka tsaya ba, alhali domin haka ake rubuta sashen hanyar aiki.

A ce layinka mita 500 ne, kana ɗiba bayan kowace mita 50. Da yawa sukan rubuta wurare 10, amma 11 ne, domin mafarin layin ma wuri ne. Ka faɗi inda ka fara, da inda ka nufa, da dalilin zaɓen layin, wato yana bin gangaren da ruwa ke bi. Idan ka kawo lambobin GPS, ka ambaci tsarin lissafin wuri da na'urar take kai. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa suna kan tsarin Minna, na'urorin yanzu kuwa WGS 84, kuma bambancinsu kan kai gomman mitoci. Ga mai tazarar mita 50, wannan ya isa ya rikita masa wuraren.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɓoye kaucewa. Wuri na shida ya faɗa a kan suri ko gindin gawo, ka matsa gefe, amma a rubuce ka yi shiru. Matsawar daidai ce, domin ƙasar gindin gawo ta fi ta kewaye ƙarfi saboda ganyen da yake zubarwa da kashin dabbobin da ke shan inuwarsa. Shirun ne laifi. Rubuta: "A wuri na 6 an matsa mita 5 gabas saboda suri." Ba wanda zai rage maka maki a kan haka.

Sai zurfi. "Ƙasar sama" ba awo ba ne. Rubuta santimita 0 zuwa 20. Idan rami biyar ka haƙa a kowane wuri ka cakuɗa a bokiti, ka faɗi haka, da faɗin filin da ka yi ramukan. In ba ka faɗa ba, mai karatu zai ɗauka ramukan biyar maimaici ne, alhali samfuri ɗaya gare ka. Ka sa kwanan wata, da ko an riga an zuba taki.

A ɗakin gwaji kuma, "an auna pH", wato ma'aunin tsamin ƙasa, bai wadatar ba. Ka ce an shanya ƙasar a inuwa, an tankaɗe ta da rariya mai ƙofar milimita 2, sannan an auna a ruwa, kashi 1 na ƙasa da 2.5 na ruwa. Da a ruwan sinadarin CaCl2 aka auna, lambar za ta sauko da kusan rabin maki, sai wanda ya kwatanta da wani rahoton ya zaci ƙasarka ta fi tsami.