Darasi na 7: Abin da Za Ki Rubuta a Jikin Robar Man Shafawa

Wata ɗalibarmu a Aboabo, nan Kumasi, tana haɗa man shafawa tana kaiwa kasuwar Kejetia. Ran nan ta zo aji da roba ɗaya. A jiki an rubuta: "Yana maganin kyasbi, makero da duk cutar fata. Ba sinadari."

Na ce, "Hajiya, wa ya gwada ya tabbatar yana maganin makero?"

Ta ce, "Malama, masu saye ne suke faɗa."

Ba ƙarya take nufi ba, na sani. Amma yabon mai saye ba gwaji ba ne. Makero cuta ce mai yaɗuwa, tana da maganinta a asibiti. Idan uwa ta yarda da rubutun nan ta yi wata biyu tana shafa wa ɗanta mai, cutar na iya cin kansa har ta kama ƙannensa. Ga kuma doka: a Gana, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallar magani ko man shafawa sai Hukumar Abinci da Magunguna, wato FDA, ta amince.

To, me man yake yi da gaske? Yana laushin fata, yana rage kaushi da bushewa lokacin hunturu. Wannan za ki iya faɗa da bakinki ko'ina.

Sai muka zauna muka auna haɗinta na kilo ɗaya: man kaɗe giram 700, man kwakwa 250, man zaitun 40, turare 10. Haka ake jera su a takarda, mafi yawa a farko, mafi ƙanƙanta a ƙarshe. Ta so ta bar turaren, wai ai ɗan kaɗan ne. Shi ne kuwa ya fi wajaba a rubuta, domin turare ne ya fi jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Kuma turaren da ta saya a kanti sinadari ne, saboda haka muka soke "ba sinadari". Na tambaye ta ko tana zuba man bilicin a ciki, ta ce Allah ya kiyaye. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Ga gargaɗin da muka rubuta a ƙasa:

"Na shafawa ne kawai. Kada ya shiga ido ko rauni. A fara gwada kaɗan a damtse, a jira kwana ɗaya. In an ga ja ko ƙaiƙayi, a daina. In bai lafa ba, a je asibiti."

Muka ƙara ranar haɗawa, nauyin abin da ke ciki, da sunanta da unguwarta. Ɗanta zai juya takardar zuwa Turanci kafin ta kai wa hukumar don rajista.

Aikin gida: Ki ɗauko robar mai ko sabulun salo daga ɗakinki. Ki karanta abin da ke jiki, ki ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce yana warkar da cuta. Ki zo da ita ranar Asabar.